Taswirar da Na Kujerar Baya Zai Iya Karantawa

Na zauna a wani taro inda aka haska taswirar Nijeriya a bango da majigi, jihohi 36 kowacce da launinta da sunanta, ga koguna, ga hanyoyin mota. Mai jawabi yana nuni yana cewa "a nan wajen", mu kuwa na baya muna ta miƙa wuya. Abin ya yi mini ciwo, domin mutumin ya san aikinsa, taswirar ce ta cinye masa jawabin. Taswirar littafi ana kusanto da ita ido, a bi ta da yatsa. Ta bango kuwa daga nesa ake kallonta, cikin 'yan daƙiƙu, kunne kuma yana wajen mai magana. Saboda haka tambaya ɗaya za ta iya amsawa: ina ne wurin?

Mu ɗauki layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021. A ce kai ne za ka nuna wa jama'a inda zai bi.

Fara da neman taswira mara rubutu mai nau'in SVG, irin waɗanda ake samu a Wikimedia Commons. Hoto na PNG ko JPG dunƙule yake, ba ka iya canja wa jiha ɗaya launi ka bar sauran. Ita SVG, idan ka saka ta a PowerPoint ka zaɓi Convert to Shape, sannan Ungroup, takan wargaje, kowace jiha ta tsaya da kanta. Danna Kano ka gani: idan duk ƙasar ta zaɓu tare, sake yin Ungroup, idan har yanzu ba ta rabu ba, nemi wata. Ka kuma duba shekarunta. An cire Katsina daga Kaduna a 1987, Jigawa daga Kano a 1991, don haka duk taswirar da ba ka ga Jigawa a cikinta ba ta tsufa. Sannan ka tabbata akwai kudancin Nijar a ciki, in ba haka ba Maraɗi za ta rataye a farin fili.

Sai launi, inda mutane suka fi zarcewa. Shafe dukkan jihohi da toka-toka mai haske ta Shape Fill, iyakokinsu su zama siririn farin layi. Daga nan ka ba Kano, Jigawa, Katsina da jihar Maraɗi launi guda mai ƙarfi, misali shuɗi. Guda ɗaya na ce, domin da zarar ido ya ga launi huɗu zai soma neman ma'anar kowanne, alhali maganarka ita ce waɗannan yankuna layi ɗaya ya haɗa su. Idan dole sai an bambanta Nijar, ba Maraɗi shuɗin da ya fi haske. Ka guji haɗa ja da kore, saboda kusan namiji ɗaya cikin 12 yana da matsalar bambance launi, mafi yawa waɗannan biyun.

Tun da labarin na arewa ne, ka yanke kudancin ƙasar ka faɗaɗa yankin ya cika shafin. Riƙe Shift yayin da kake ja daga kusurwa, kada taswirar ta baje. Ƙaramar taswirar Nijeriya a gefe, da akwati a kan yankin, ta isa ta nuna wa baƙo inda ake.

Sunaye su ne jarrabawar gaskiya. Layin zai ratsa Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, kuma zuciya za ta so a rubuta kowanne, musamman in garinku na ciki. Daure. Jihohin ukun nan suna da ƙananan hukumomi 105, ba wanda zai karanta su daga bango. Kano da Maraɗi dole ne, su ne bakin layin biyu. Katsina ce babban birnin da ke tsakani, Kazaure ce ke bayyana dalilin shafa wa Jigawa launi, Jibiya kuma tana nuna inda za a tsallaka iyaka. Biyar ke nan, kowanne da ɗigonsa, sunan a jikin ɗigon, girman rubutu kada ya gaza 18. Sauran garuruwan ka faɗe su da baki. Kan shafin ma ya faɗi magana: layin dogon zai ratsa jihohi uku kafin ya shiga Nijar.

Mai amfani da taswirar da PowerPoint ke zanawa da kanta daga jerin sunaye ya yi hattara da kalmar Niger, domin a Turanci jihar Neja da ƙasar Nijar rubutunsu ɗaya. Sai an ƙara layin sunan ƙasa a teburin kafin a tabbata wadda za ta shafa.

Kafin ranar taro, haska shafin a ɗaki da fitilu a kunne, domin majigi yana kashe launi mai haske, toka-tokar da ta yi kyau a kwamfuta takan ɓace a bango. Ka kai wani can baya, ka nuna masa daƙiƙa biyar, ka rufe, ka tambaye shi daga ina zuwa ina layin ya tashi. In ya yi jim, koma ka cire wani abu.