Farin Layin da Ke Tona Asirin Hoton da Aka Haɗa

Duk wanda ya saba kallon fostar biki ko ta siyasa ya taɓa ganin wannan abu. An ɗauki hoton ango a jikin farin bango, mai zane ya yanko shi a kwamfuta ya ɗora a kan shuɗi mai duhu, sai ga wani siririn layi mai haske ya zagaye kafaɗunsa da kunnuwansa, kamar an bi shi da alli. Ko wanda bai san aikin ba, yana gani zai ce haɗi ne.

Wannan layi ragowar tsohon bangon ne da ya biyo mutumin. Hoto tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, kuma kowane ɗigo launi ɗaya tak yake ɗauka. Ɗigon da ya faɗo daidai bakin riga kuwa, rabinsa riga ne rabinsa bango, don haka kyamara takan gauraya launukan biyu ta ba shi.

Lissafi zai fito da abin fili. A yawancin hotuna ana auna haske daga 0, wato baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. A ce baƙar rigar ango tana kan 30, bangon kuma 250. Ɗigon gefe zai tsaya a tsakiyarsu, wajen 140. A jikin farin bango ba wanda zai lura da shi. Amma da zarar an mayar da shi kan bango mai duhu da ke kan 20, sai ya zama 140 tsakanin 30 da 20. Hasken da ido ke kamawa ke nan.

Ƙwararru ba sa goge bango da magogi. Suna amfani da `Layer Mask`, wani irin mayafi da ake shimfiɗa wa hoton: inda yake fari hoton ya bayyana, inda yake baƙi ya ɓuya, toka-toka kuma ya bayyana rabi da rabi. Tushen wannan dabara ya koma ƙarshen shekarun 1970, lokacin da Ed Catmull da Alvy Ray Smith suka ƙirƙiro ma'aunin da ake kira alfa, sannan Thomas Porter da Tom Duff suka wallafa lissafin haɗa hotuna da shi a 1984. Amfanin mayafin shi ne ba a zubar da komai ba, in an yi kuskure a dawo.

A manhajar Photoshop, gyaran yana cikin `Select and Mask`. Mai aiki yakan fara sa bango mai duhu a bayan hoton, ya zuƙo gefen sosai don ya ga faɗin layin. Daga nan sai ya ja `Shift Edge` zuwa ɓangaren ragi, mayafin ya matso ciki ya haɗiye ɗigon da suka gurɓata. Sau da yawa ɗigo ɗaya ko biyu sun wadatar. Sai ɗan `Feather` kaɗan, kamar rabin ɗigo zuwa ɗaya, don kada gefen ya yi kaifi kamar yankan reza. A kafaɗa da hula da hannun riga, nan aikin ya ƙare.

Gashi da gemu da bakin leshi su ne masu ba da wahala. Silin gashi bai kai faɗin ɗigo ba, saboda haka in aka matso da mayafi sai a yi wa mutum aski. A nan ake bin wurin da `Refine Edge Brush`, wanda ke ƙiyasta rabon gashi da na bango a kowane ɗigo. Sai dai ko an sami rabon daidai, da sauran rina a kaba. Ɗigon nan mai 140, in aka nuna rabinsa a kan 20, zai ba da 80, alhali abin da ya dace 25 ne, wato tsakiyar 30 da 20. Mayafi yana rage bayyanar ɗigo ne kawai, ba ya canza launinsa.

Wannan giɓi ne `Decontaminate Colors` ke cikewa. Yana ɗauko launin rigar ko gashin daga ɗigon da ke kusa ya maye gurbin gurɓataccen, sai 140 ya koma kusa da 30, lissafin ya daidaita. Da yake yana taɓa ainihin launin hoton, Photoshop yana fitar da sakamakon a sabon shafi, na asali ya zauna yadda yake. In an cika masa hannu kuma, gefen yakan yi dabbare-dabbare kamar fentin da ya zuba.

Kafin a kai aiki wurin bugawa, masu zane kan gwada hoton a kan baƙin bango, sannan a kan fari. Baƙin yana fallasa layi mai haske, farin kuma yana fallasa mai duhu, wanda ke fitowa idan tun farko a jikin bango mai duhu aka ɗauki hoton.