Yadda Ake Ɓatar da Mai Gilmawa a Bidiyon Waya

Mai sayar da atamfa ta tsaya a ƙofar shagonta, ta ɗauki bidiyon talla na daƙiƙa 12. Magana ta fita tsaf, kaya sun haska. Sai da ta zauna kallo ta ga ashe wani mai tura baro ya shigo ta gefen dama a daƙiƙa ta 4, ya tsaya yana leƙen kyamara, ya juya ya fita a daƙiƙa ta 7. Duk wanda ya kalli bidiyon, a kan mai baron idonsa zai sauka. Ana iya fitar da shi da wayar da aka ɗauki bidiyon, ba sai an je wajen masu tace fim ba, muddin an cika wasu sharuɗɗa.

Da farko a san cewa ba goge mutumin ake yi ba, rufe shi ake yi. Bidiyo hotuna ne a jere, galibin wayoyi suna ɗaukar 30 a kowace daƙiƙa. Ke nan bidiyon mai atamfa hotuna 360 ne, mai baro kuwa yana cikin kusan 90. A sauran, gefen daman nan fayau yake: bango, ƙofar maƙwabci da simintin ƙasa. Dabarar ita ce a ɗauko hoto guda daga waɗanda babu shi, a daskarar da shi, a yanko daidai wurin da ya tsaya, a ɗora a kansa. Tamkar faci ne da tela ya yanko daga ragowar yadin rigar: idan zanen ya hau kan zane, ba mai ganewa.

Ga yadda ake yi a manhajar CapCut, wadda sunayen maɓallanta da Turanci suke. Wasu manhajojin irin su KineMaster ma suna da makamantan kayan aikin. Bayan an shigar da bidiyon, sai a ja layinsa a hankali har a kai inda gefen dama yake babu kowa. A zaɓi lokacin da ya fi kusa da shigowar mutumin, misali daƙiƙa ta 3, domin hasken lokacin shi ya fi kama da na wurin da za a rufe. A taɓa bidiyon, a danna Freeze. Manhajar za ta tsayar da wannan hoton ta saka shi a tsakiyar layi. Kada a maye gurbin wannan matakin da ɗaukar hoton fuskar waya, domin girmansa da kaifinsa ba za su yi daidai da na bidiyon ba.

Sai a taɓa daskararren hoton a danna Overlay. Zai sauka layi na biyu, wanda duk abin da ke cikinsa a saman bidiyon yake fitowa. A ja shi ya fara rabin daƙiƙa kafin mai baro ya shigo, ya ƙare rabin daƙiƙa bayan fitarsa, wato daga 3.5 zuwa 7.5. A nan allon gaba ɗaya zai tsaya cak, har mai atamfar, kuma hakan daidai ne. A kiyaye kada yatsa ya gusar da hoton ko ya ƙara masa girma, domin ko kaɗan ya goce, layin bango ba zai haɗu ba.

Yanzu sai a danna Mask a zaɓi Rectangle. Wani akwati zai fito: abin da ke cikinsa daskararren hoton ne, abin da ke wajensa kuma bidiyo mai motsi. A ja akwatin zuwa dama, a buɗe shi ya haɗiye duk hanyar da mai baro ya bi, daga bakin allo har inda ya tsaya. Nan take zai ɓace, mai atamfa kuwa ta ci gaba da magana. Akwai 'yar kibiya a jikin akwatin da ake ja don a tausasa gefensa. A ja ta kaɗan, yadda bakin zai narke cikin bidiyon. Idan aka zarce, mutumin zai riƙa bayyana dishi-dishi a gefen. Inda hali ya yi, a ɗora bakin akwatin a kan wani layi da dama yana wurin, kamar kusurwar bango ko jikin ƙofa, domin a nan ido ba ya kama haɗin.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne inuwa. Sai a ɓatar da mutum a bar inuwarsa tana tafiya ita kaɗai a kan siminti, musamman da hantsi ko la'asar da inuwa take tsawo. Dole akwatin ya rufe ta, haka ma hotonsa idan ya fito a gilashin shago. Na biyu shi ne haske. Wayar da ba a kulle haskenta ba takan ƙara shi ko ta rage da kanta idan wani ya shigo da farar riga. Alamar ita ce a ga akwatin ya fi kewayensa haske ko duhu. Ana gyara wannan da Adjust, a motsa Brightness kaɗan-kaɗan har su daidaita. Na uku kuma yana faruwa a bidiyon dare ko na cikin ɗaki, inda hoto yake da 'yan ɗigo-ɗigo masu rawa. A cikin akwatin ɗigon a tsaye suke, sai wurin ya zama kamar an manna takarda. Maganinsa, maimakon daskararren hoto, a yanko guntun bidiyo mai motsi na lokacin da wurin yake babu kowa, a ɗora shi a madadinsa. Haka ake yi idan akwai ganyen bishiya ko labule da iska take kaɗawa.

Dabarar tana da iyaka. Idan a hannu aka riƙe wayar, bango yana rawa, daskararren hoton kuwa yana nan daram, sai a ga wurin yana zamewa. Ƙaramin motsi ana iya binsa da alamar nan mai siffar lu'ulu'u, wadda take riƙe matsayin hoton a kowane lokaci, amma aikin na cin rai kuma ba kasafai yake fita sumul ba. Haka nan da mai baro ya bi ta bayan mai atamfa har jikinsu ya haɗu a hoto, akwatin zai ci kafaɗarta ko gefen mayafinta. A nan sai an sake yanko ita kanta an ɗora a layi na uku, kuma bakin mayafi da yatsu sukan tona asiri. Wanda kuma ya zauna a wurin tun daga farkon bidiyo har ƙarshe, babu inda za a samo abin rufe shi.

Shi ya sa rabin aikin a wurin ɗauka yake. A kafa wayar a kan mariƙi mai ƙafa uku, ko a jingina ta inda ba za ta motsa ba. A danne yatsa a kan allo har haske da saiti su kulle. A iPhone za a ga an rubuta AE/AF Lock, yawancin wayoyin Android ma suna da irinsa. Idan an gama magana, kowa ya fita daga gaban kyamara, a bar ta ta ɗauki wurin shi kaɗai na daƙiƙa 10 ba tare da an taɓa ta ba. Da wannan guntun a hannu, duk wanda ya gilma ta gefe akwai abin rufe shi. Kafin a saki bidiyon kuma, a ƙure hasken allo, a kalle shi ido na kan bakin akwatin da kuma ƙasa, domin a nan kuskure yake ɓuya.