Me Ya Sa Iyakokin Suka Canza?

Wata ɗalibata ta turo mini hoton tambaya daga littafin lissafi: ∫₀² 2x(x² + 1)³ dx. Ta ce u = x² + 1, sai du = 2x dx. Daidai. Amma ta bar 0 da 2 a wurinsu, ta samu 4.

Nan gizo ke saƙa. Lambobin nan na x ne, kuma x ya riga ya bar fage. Idan x yana 0, u yana 1. Idan ya kai 2, u ya kai 5. Tafiyar ɗaya ce, ma'aunin ne ya sauya, kamar mai auna hatsi da mudu ya koma tiya.

Saboda haka ∫₁⁵ u³ du = (625 − 1)/4 = 156.