Yadda Ake Rubuta Wasiƙar Neman Kaya Bashi Daga Dila

A darasin kasuwanci mun koyi cewa ɗan tireda kan sari kaya da kuɗi hannu, ko kuma ya karɓa bashi ya biya daga baya. Amma dila ba ya ba baƙo bashi. Shi ya sa ake bari sai an yi kamar shekara ana ciniki, sannan a rubuta masa wasiƙa.

Mu ɗauki misalin mai shago da ke sarin taliya, sabulu da madara a Kasuwar Singa ta Kano. Duk sati biyu yakan sayi kayan naira 200,000. Ke nan a shekara ya je sau 26, ya kashe naira 5,200,000. Wannan lissafi shi ne hujjarsa, don haka sai ya tattara rasitansa tukuna.

Bayan adireshi, kwanan wata da gaisuwa, ga abin da zai rubuta:

“Ranka ya daɗe Alhaji, yau shekara guda ke nan ina sarin kaya a wurinka duk sati biyu, kuma kullum kuɗi hannu nake biya. Ga kwafin rasitaina. Ina roƙon a riƙa ba ni rabin kayan bashi, wato na naira 100,000, in biya cikin kwana 14, ranar da na dawo sari. Shugaban 'yan kasuwar unguwarmu ya yarda zai tsaya mini. Ina kuma son sanin ko farashin bashi ɗaya ne da na kuɗi hannu.”

Ku lura, bai cika wasiƙar da kukan talauci ba. Ya faɗi nawa yake so da ranar biya, domin su ne dila zai fara dubawa.

To, me ya sa ya zaɓi kwana 14? Saboda a rana yana cinikin kamar naira 16,000. A kwana 14 zai tara 224,000. Ya biya bashin 100,000, ya ba da wata 100,000 ta sabon sari, ya rage 24,000. Da ya yi alkawarin kwana 5, da 80,000 kawai zai tara, ya kasa cikawa.

Inda ake samun matsala shi ne a karɓi kayan da ba sa fita da wuri, ko a raba wa maƙwabta su bashi. Alamar ita ce, ranar biya ta zo, kanta ta yi wayam, aljihu kuma ba kuɗi. Wanda ya ga zai makara, gara ya sanar da dila tun kafin ranar.

Idan dila ya amince, a rubuta adadin kuɗin da wa'adin a takarda, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi ɗaya.