Ƙwallon ƙarfe a cikin mai: yaushe cikinsa da bayansa ke hucewa tare?

Duk wanda ya taɓa kai hannu cikin malmalar tuwo da gaggawa ya san bayanta na iya hucewa alhali cikinta na nan da zafi kamar wuta. Wannan al'amari na gida shi ne ke gaban injiniya a masana'antar boris, inda ake gasa ƙananan ƙwallayen ƙarfe har su kai digiri 850 a ma'aunin Salsiyos, su yi jajir, sannan a zuba su cikin mai don su yi tauri. Maƙeranmu ma na yin irin wannan idan sun tsoma bakin gatari cikin ruwa ko baƙin mai, sai dai su da ido da kunne suke aunawa.

Injiniya yana son ya san daƙiƙa nawa ƙwallon zai yi kafin ya huce. Akwai gajeriyar hanya: a ɗauka cewa a kowane lokaci zafin ƙwallon ɗaya ne tun daga tsakiya har fata, wato dunƙule guda ne, ba irin malmalar tuwo ba. In an yarda da haka, lissafin layi biyu ne. In ba a yarda ba, sai an bi zafin mataki-mataki daga ciki zuwa waje. Shi ya sa kowa ke son gajeriyar hanyar, kuma shi ya sa ya wajaba a gwada ta kafin a bi ta.

Zafin da ke tsakiyar ƙwallo yana da shinge biyu a gabansa. Sai ya ratsa ƙarfen ya iso fata, sannan ya tsallaka daga fata zuwa mai. Idan ratsa ƙarfen abu ne mai sauƙi, tsallakawar ce ke da wuya, to zafin zai riƙa daidaita kansa a ciki yana jiran fita, kamar jama'ar da suka cika zaure mai ƙaramar ƙofa. Idan kuwa man na kwashe zafi da sauri fiye da yadda ƙarfen ke kawo shi, fatar za ta huce ta bar tsakiya a baya. Ana auna shingen biyu da lamba guda, lambar Biot, wadda aka sa wa sunan masanin Faransa Jean-Baptiste Biot (1774–1862):

```
Bi = h × Lc / k
Lc = V / A = D / 6
```

Harafin k na nuna yadda ƙarfen ke bai wa zafi hanya a cikin jikinsa, h kuma yadda man ke karɓar zafi daga fata. Shi kuwa Lc girman jikin abu ne a raba shi da faɗin fatarsa, wanda a ƙwallo ke zama kashi ɗaya cikin shida na kaurinsa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce: idan Bi bai kai 0.1 ba, a bi gajeriyar hanya.

Mu ɗauki ƙwallo mai kaurin milimita 12, a cikin mai mai zafin digiri 60. Lc zai zama milimita 2, wato mita 0.002. Mu sa k ya zama 40, adadin da ya dace da irin wannan ƙarfe, h kuma 600, duka a ma'aunin wat da mita da digiri.

```
Bi = 600 × 0.002 / 40 = 0.03
```

Ya tsallake gwajin da tazara. Ma'anarsa a aikace ita ce, ko a farkon tsomawa, lokacin da ƙwallon ya fi man zafi da digiri 790, tsakiyarsa ba za ta ɗara fatarsa da abin da ya wuce digiri 35 ba. Da wannan izini, idan aka sa nauyin ƙarfe na kilo 7,800 a kowace mita mai kurmi, da yawan zafin da yake riƙewa, kimanin 600, lissafi zai nuna ƙwallon zai sauko daga 850 zuwa 200 cikin daƙiƙa 27.

A aji, nan ake ajiye alƙalami. A gaban tankin mai kuwa da sauran magana, kuma a ganina nan ne gwajin ke da daɗin bi.

Mai ba ya karɓar zafi da sauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Da ƙwallon ya faɗa, man da ya taɓa shi sai ya zama tururi ya lulluɓe shi kamar bargo, zafi na fita a hankali, h na cikin ɗaruruwa. Bayan 'yan daƙiƙu bargon ya yage, mai ya taɓa ƙarfe kai tsaye ya shiga tafasa da ƙarfi, irin ƙarar nan ta cuuu da ake ji a maƙera. A wannan ɗan tsakanin h kan haura zuwa dubbai. Daga bisani tafasar ta lafa, h ya sake faɗuwa. Ga kuma wani abu: ƙarfe mai zafi sosai bai kai mai sanyi saurin wuce da zafi ba, k na iya sauka zuwa wajen 30. Mu sake gwajin a lokacin tafasa, da h na 3,000:

```
Bi = 3000 × 0.002 / 30 = 0.2
```

Ƙwallon bai canza ba, man ma bai canza ba, amma gwajin ya faɗi. A wannan lokacin tsakiya na iya ɗara fata da digiri ɗari ko fiye. Fatar na tsukewa, cikin bai riga ya bi ta ba, kuma irin wannan ja-in-ja na cikin abubuwan da ke sa ƙarfe ya tsage ko ya karkace. Wanda ya yi lissafi da matsakaicin h kaɗai ba zai taɓa ganin haɗarin a takarda ba. Idan jimillar lokacin hucewa kawai ake nema, kuskuren na iya zama mai sauƙi. Idan kuwa tambayar ita ce ko tsakiyar ta yi tauri kamar fata, ko kuma ƙwallon zai tsage, gajeriyar hanya ba ta da amsa. Sai a koma ga cikakken lissafi, ko jadawalin Heisler na 1947. A ƙarƙashin wannan tafasa, sai ƙwallon da kaurinsa bai kai milimita 6 ba ne zai tsallake.

Irin ƙarfen ma na sauya hukunci. Jan ƙarfe, mai k kusan 400, zai ba da 0.015 ko a tsakiyar tafasar. Ƙarfen da ba ya tsatsa, mai k wajen 15, tun a h na 600 ya kai 0.08, yana bakin iyaka.

Akwai kurakurai da ɗalibai ke yawan afkawa. Wani ya manta bai mai da milimita mita ba, amsa ta fito 30 maimakon 0.03. Wani ya sa rabin kaurin ƙwallo a madadin kashi ɗaya cikin shida, ya ninka amsar sau uku, ya ƙi hanyar da ta halatta gare shi. Mafi muni shi ne a ɗauko k na mai, wanda bai wuce 0.15 ba, a sa a gurbin na ƙarfe. Wannan wata lamba ce daban, ta Nusselt, mai kama da ta Biot a rubuce amma tana magana ne a kan man. Idan ƙaramin ƙwallon ƙarfe ya ba ka Bi na takwas ko tara, koma ka duba wane k ka ɗauka.

Saboda haka, ɗalibi ko ma'aikaci, idan za ka yi wannan gwaji, ɗauki h mafi girma da man zai kai, da k mafi ƙanƙanta da ƙarfen zai sauka. In har Bi bai kai 0.1 ba a wannan mawuyacin hali, bi gajeriyar hanya hankalinka kwance. Ƙwallonmu na milimita 12 bai cika wannan sharaɗi ba.