Inshorar kayan teku: abin da ake faɗa da abin da takarda ta ce

Masu shigo da injinan ban-ruwa daga Sin domin manoman albasa da shinkafa na Wurno, Rabah da Goronyo sukan ce muddin kaya na da inshora, duk abin da ya same su a hanya za a biya. Wannan ba gaskiya ba ne.

Sharuɗɗan da kamfanonin inshora ke bi, waɗanda aka sabunta a Landan a 2009, sun kasu uku: ICC (A), (B) da (C). Na (C) na biyan haɗurran da aka ambata da suna kaɗai, kamar gobara, nutsewar jirgi ko maƙalewarsa, karo, kifewar mota, da zubar da kaya a teku da gangan don ceton jirgin. Na (B) ya ƙara da shigar ruwan teku cikin kwantena. Babu sata a cikin (B) ko (C).

A ce ɗan kasuwa a Goronyo ya sayo inji 200 a kan naira miliyan 40, aka yi musu inshorar miliyan 44, domin bisa al'ada ana ƙara kashi 10 cikin ɗari. Aka buɗe kwantena, 20 sun yi ɓatan dabo. Idan (A) ya saya, zai nemi miliyan 4.4, a cire ɗan kason da takardar inshorar ta ɗora masa. Idan (C) ne, ko sisi ba zai gani ba.

Ana kuma cewa (A), da ake kira "dukkan haɗurra", ba ya togace komai. Nan ma akwai gyara. Ba ya biyan asarar da jinkiri ya jawo, ko da injinan sun iso bayan an gama noman rani. Ba ya biyan ɓarnar da ta taso daga sakacin mai kaya wajen ɗaure su, kuma yaƙi da yajin aiki daban ake sayen inshorarsu. Fifikonsa na gaskiya yana wajen hujja: a (C) kai za ka nuna cewa haɗarin da aka ambata ne ya auku, a (A) kuwa kamfanin ne zai nuna abin da ya hana shi biya.

Maganar cewa inshora na ƙarewa a tashar Apapa, wani lokaci haka ne. Idan Legas aka rubuta a matsayin zangon ƙarshe, tirela ta kife tsakanin Gusau da Sakkwato, asarar taka ce. Idan Goronyo aka rubuta, har (C) zai biya.

Kafin ka buɗe Form M, karɓi takardar daga hannun wakilinka, ka duba harafin da ke jiki da sunan garin da aka rubuta.