Kalmar sirri daidai, amma ƙofa ta ƙi buɗewa

Mu ɗauka wata ɗaliba ce a Yamai ta buɗe akawun a shafin wata makaranta. Shafin ya ce mata ta zaɓi kalmar sirri mai wuyar cinta, sai ta haɗa garin mahaifinta da na mahaifiyarta, ta rubuta Maraɗi-Tillabéri a wayarta. Shafin ya karɓa. Bayan mako guda ta zauna gaban kwamfutar wata ƙawarta, ta rubuta kalmar harafi bayan harafi, aka ce mata ba daidai ba. Ta danna ɗan hoton idon nan da ke nuna abin da aka rubuta, ta duba da kyau, babu kuskure ko ɗaya. Ta sake gwadawa har aka kulle akawun ɗin. Mai kula da shafin zai ce mata ta manta ne, ita kuwa ta san ba ta manta ba, kuma ita ce da gaskiya.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowane harafi da ka danna, ana mayar da shi jerin ƙananan lambobi da ake kira bayit. Shafin da ya san aikinsa kuma ba ya ajiye kalmar sirrinka yadda ka rubuta ta. Yana zuba bayit ɗin cikin wani lissafi da ake kira hash, ya ajiye abin da ya fito, kamar yadda ake kai gero inji a dawo da gari, ba kuma mai iya mayar da garin ya koma gero. Ranar da ka dawo, sai a sake niƙa abin da ka rubuta a gwada da wanda aka ajiye. Lissafin nan ba shi da «kusan daidai». Bayit ɗaya ya canza, sakamakon gaba ɗaya ya canza. Saboda haka shafin ba shi da hanyar ganin cewa kalmomin nan biyu iri ɗaya ne a ido, domin ta farkon ba ta hannunsa.

To ta yaya harafi ɗaya zai zama lambobi daban-daban? Tsarin farko da ya yaɗu, ASCII, ya fito a Amurka a 1963, yana da gurbi 128 kacal. A cikinsu 95 ne ake iya bugawa: haruffan Turanci manya da ƙanana, alƙaluma, tazara da alamomi irin su @ da #. A kan waɗannan kusan duk kwamfutoci sun yi ittifaƙi. Daga nan kuwa kowa ya kama gabansa. Yammacin Turai ta yi nata tsarin, ISO 8859-1, wanda ake kira Latin-1, ya ƙara irin su é da ç. Windows ta yi wani mai kama da shi, Windows-1252. Sai Unicode ya zo a 1991 da niyyar bai wa kowane harafi na kowane harshe lambarsa, a 1992 kuma Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar rubuta waɗannan lambobi a matsayin bayit, wadda a yau ita ce ta mamaye intanet. Sai dai tsofaffin tsare-tsaren ba su mutu ba, suna nan kwance cikin tsofaffin manhajoji da rumbunan bayanai.

Mu koma kan é na Tillabéri. A Latin-1 bayit ɗaya ne, E9. A UTF-8 biyu ne, C3 A9. Idan shafin rajista ya karanta kalmar da wani tsari, manhajar waya kuma ta aika ta da wani, to an kai hatsi iri biyu inji. Wanda ya taɓa ganin saƙo da aka rubuta Ã© a inda ya kamata a ga é ya riga ya ga wannan cuta da idonsa: bayit biyu na UTF-8 ne aka karanta su ɗaya-ɗaya da tsohon tsari. A cikin rubutu mutum yana iya cinta ma'anar ya wuce. A kalmar sirri, inda taurari ko ɗige-ɗige suka rufe komai, ba mai ganin ɓarnar.

Haruffanmu masu lanƙwasa sun fi shan wahala a nan, domin Latin-1 da Windows-1252 ba su da gurbinsu sam. A Unicode ƙ tana da lamba U+0199, ɗ tana da U+0257, ɓ tana da U+0253, ƴ kuma U+01B4, kowacce bayit biyu a UTF-8. Idan aka karanta ƙ da tsarin Windows-1252 sai ta fito Æ™, ɗ kuma ta fito É—. Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da manhaja ta yi ƙoƙarin mayar da harafin cikin tsohon tsari ta rasa gurbinsa. Wasu manhajoji ba sa yin ƙorafi, sai su sa alamar tambaya a wurin su wuce. Maraɗi ta zama Mara?i kafin a niƙa. Mai akawun yana shiga lafiya lau bai san komai ba, alhali duk wanda ya rubuta Maraƙi ko Maraɓi shi ma zai shiga, tunda duk sun zama abu ɗaya. Ranar da aka gyara shafin ya koma UTF-8, ranar ce kalmar sirrinsa ta gaskiya za ta daina aiki.

Amma mu ce wayar ɗalibarmu da kwamfutar ƙawarta da shafin duk UTF-8 suke amfani da shi. Har yanzu é na iya yaudararta, domin Unicode ya yarda a rubuta shi ta hanya biyu. Akwai é haɗaɗɗe, harafi ɗaya mai lamba U+00E9. Akwai kuma e zalla, a biyo ta da wasalin sama mai zaman kansa, U+0301, wanda ke hawa kan harafin da ya gabace shi. A fuskar waya ba ka iya bambance su. A ƙasa kuwa na farko C3 A9 ne, na biyu 65 CC 81. Tillabéri mai haruffa 9 a ido tana iya zama bayit 9 a Latin-1, ko 10 a UTF-8 haɗaɗɗe, ko 11 a UTF-8 rarrabe. Yawancin kibod suna ba da haɗaɗɗen, amma wasu hanyoyin rubutu suna ba da rarraben, haka ma wani lokaci idan aka kwafo kalma daga wata takarda ko sunan fayil.

Maganin wannan shi ne daidaitawa: kafin a niƙa, a mayar da rubutun zuwa siffa ɗaya. Siffar da ke haɗewa sunanta NFC, wadda ke rarrabewa NFD. Ga yadda abin yake a harshen Python, ga mai son gwadawa:

```python
import unicodedata
a = "\u00e9"
b = "e\u0301"
print(a == b)
print(a == unicodedata.normalize("NFC", b))
```

Layin farko zai ba da `False`, na biyu `True`. Ba sabon ilimi ba ne. A 2017 hukumar NIST ta Amurka, cikin takardarta SP 800-63B, ta shawarci masu shafuka su karɓi haruffan Unicode a kalmar sirri kuma su daidaita su kafin hash, a shekarar kuma RFC 8265 ya tanadi NFC domin wannan aiki. Layi ɗaya ne a manhaja. Shi ya sa nake ganin laifin yana wuyan masu ginin, kuma ba daidai ba ne a riƙa ɗora shi kan mutumin da ya yi amfani da harafin harshensa. Gyaran ma yana da tarko: idan aka soma daidaitawa yau, wanda aka ajiye hash ɗinsa da rarraben é jiya zai tarar da ƙofa a kulle. Mai hankali yakan gwada sabuwar hanya, in ta ƙi ya gwada tsohuwar, in ta yi sai ya sake ajiyewa da sabuwar.

Daidaitawa ba ta taɓa ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, domin Unicode bai raba lanƙwasar da harafin ba, siffa ɗaya kowacce take da ita. Ba ta kuma warkar da wata matsala da ta shafi Bahaushe kai tsaye, wato alamar nan ta 'ya'ya da jama'a da sana'a. Akwai miƙaƙƙiya ta ASCII, U+0027. Akwai lanƙwasasshiya, U+2019, wadda manhajojin rubutu irin su Word da wasu wayoyi ke sauya maka da ita ba tare da ka nema ba. Akwai ta uku, U+02BC, wadda aka tanada domin harsunan da alamar ke matsayin harafi a cikinsu. Unicode yana ɗaukar su a matsayin abubuwa uku daban, NFC ba ya haɗa su. Wanda ya rubuta kalmar sirrinsa a Word ya kwafo ta zuwa shafi, daga baya ya zo ya buga ta da hannu, yana iya faɗawa wannan rami.

Ana iya gane cutar daga alamunta. Idan kalmar tana aiki a na'urar da aka ƙirƙire ta amma ta ƙi a wata, ko tana aiki a burauza ta ƙi a manhajar waya, ko kwafowa na aiki bugawa da hannu ba ya yi, kuma akwai harafin da ba na ASCII ba a ciki, to a fara zargin wannan. A daina gwadawa kafin a kulle akawun. A koma na'urar farko da kibod ɗin farko, a shiga, a canza kalmar daga can. Kafin nan a tabbatar ba tsarin kibod ne ya bambanta ba, domin a Nijar ana yawan samun AZERTY na Faransanci, a Nijeriya QWERTY, kuma idan kwamfuta ta ɗauka wancan ne alhali wannan ne a gabanka, a da q za su yi musanya.

Akwai wuraren da ni kaina ba na sa harafi mai lanƙwasa ko wasali a sama. Kalmar sirrin Wi-Fi ta WPA2, bisa ƙa'idarta, haruffan ASCII ne daga 8 zuwa 63, duk abin da ya fita daga nan kowace na'ura yadda ta ga dama take yi da shi. Haka kalmar da ake nema tun kwamfuta ba ta gama tashi ba, kamar ta buɗe rufaffen faifai, domin a lokacin kibod ɗinka na Hausa bai riga ya tashi ba, kuma ba lallai ka sami hanyar buga ƙ ba. A irin waɗannan wurare gara a nemi ƙarfi ta hanyar tsawo: kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, aka zaɓo waɗanda babu lanƙwasa ko alamar hamza a cikinsu. Ɗalibarmu, in ta samu shiga ta wayarta, abin da za ta fara yi ke nan, sannan ta gwada sabuwar kalmar a kwamfutar ƙawarta tun ba ta fita daga akawun ɗin a wayar ba.